Kama da Wane Ba Ta Wane: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Jami'ai Masu Binciken Laifuka

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Sana'ata girka kyamarorin tsaro ce da gyaransu. Idan an yi ɓarna a wurin da na yi aiki, ni ake kira in buɗe na'urar naɗa in fito da bidiyon ranar, don haka na sha zama a ɗaki ɗaya da ku da mai dukiya da ma'aikatansa, duk mun zuba wa allo ido. Akwai abin da yake faruwa a irin wannan zama wanda ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin nan shi ne, ana cikin kallon wani mutum dishi-dishi yana ratsa tsakar gida da dare, sai wani daga baya ya ce, "Kai! Wannan ba wane ba ne?" Kafin ya yi maganar, mutum biyar ne suke kallo, ba wanda ya ga kowa. Da ya ambaci sunan, sai duka biyar ɗin su gan shi. Wannan ya ce ai ga tafiyarsa, wancan ya ce ga ƙeyarsa. Hoton bai canja ba, ko ɗigo ɗaya bai ƙaru ba. Sunan daga kan mai magana ya fito, ba daga cikin na'ura ba. Amma da yamma a takarda abin da za a rubuta shi ne: kyamara ta kama wane.

Ina so in nuna muku, da lissafin da muke yi a aikinmu, dalilin da ya sa sau da yawa kyamarar ba ta da ikon kama kowa.

Hoton kyamara ɗigogi ne ƙanana da aka jera layi-layi. Kyamarar da ake yawan girkawa, wadda ake rubuta wa `1080p` a jikin kwalinta, tana da ɗigo 1920 a faɗi, 1080 a tsaye. Adadin nan ba ya ƙaruwa. Idan ka sa ta kallon ƙofa ɗaya, ƙofar ce za ta cinye ɗigogin duka. Idan ka sa ta kallon fili, filin ne zai raba su. Mai gida kuwa kusan kullum fili yake so, domin yana son kyamara ɗaya ta yi masa aikin uku.

Mu ɗauka an kafa ta a kusurwar gini, kuma a daidai inda mutumin ya wuce, faɗin wurin da take gani mita 16 ne. A raba 1920 gida 16, kowace mita ta sami ɗigo 120. Faɗin fuskar babban mutum bai wuce santimita 15 zuwa 16 ba, wato fuskar gaba ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan, ɗigo 18 ne ko 19. Tsakanin ido da ido santimita 6 ne da 'yan kai, ɗigo 7 ko 8 ke nan. Ido ɗaya zai sami ɗigo 3 ko 4. Ku ɗauki takarda mai gida-gida ku gwada zana fuskar ɗan'uwanku da gida 18 a faɗi, kowane gida launi ɗaya tak, sannan ku ga ko za ta bambanta da ta maƙwabcinsa.

Ba ni na ƙirƙiri wannan awo ba. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta girka kyamarori, IEC 62676-4, wadda bugunta na 2014 ya raba aikin kyamara hawa-hawa. Da ɗigo 25 a kowace mita, za ka iya cewa akwai mutum a wurin. Da wajen 63, za ka ga irin tufafinsa da abin da yake yi. Da 125, za ka iya gane wanda ka riga ka sani. Sai an kai 250 ake cewa hoton ya isa a tantance ko wane ne. Kyamararmu ta misali tana da 120, ko hawa na uku ba ta cika ba. Kafin ta kai 250, sai an matse ganinta ya koma ƙasa da mita 8 a faɗi, rabin abin da take gani yanzu. Kuma duk wannan awo an yi shi ne da sharaɗin akwai haske mai kyau, mutumin yana fuskantar kyamara, ba ya gudu. Wane ɓarawo ne zai cika mana waɗannan sharuɗɗa?

Da dare abin ya fi muni, kuma yawancin bidiyon da ake kawo muku na dare ne. Idan haske ya yi ƙaranci, kyamara tana tsawaita lokacin da take buɗe ido kafin ta ɗauki hoto ɗaya. Mu ce ta buɗe na kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa. Mutum mai tafiya da ɗan sauri yana cin mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, don haka a ɗan wannan lokaci ya matsa santimita 10. A kyamararmu santimita 10 ɗigo 12 ne. Fuskar da faɗinta ɗigo 18 an shafe ta da jan ɗigo 12. Hanci ya hau kan kumatu, ido ya hau kan kunne. Shi ya sa za ku ga bango da mota a tsaye sun fito tas, amma mutumin da ake nema ya zama kamar hayaƙi. Kyawun bangon yana yaudarar mai kallo ya ɗauka bidiyon mai kyau ne.

Sai kuma batun launi. Idan duhu ya yi, kyamara tana komawa hoto baƙi da fari, tana haska wurin da fitilun infared waɗanda ido ba ya gani. A ƙarƙashin wannan haske, yadi ba ya fitowa yadda muka san shi. Baƙar riga tana iya fitowa fara sol, gwargwadon zarenta da rininta. Zanen da ke jikin riga yana iya ɓacewa. Fatar mutum tana yin haske fiye da yadda take, idanu su yi ƙyalli kamar na kyanwa. Na taɓa ganin ana neman mai farar riga kwana biyu, har aka tsare wani don an gan shi da farar riga a daren. Da na ɗauko baƙar rigar sanyi na ratsa gaban kyamarar da dare, sai ga ta a allo fara fat. Gwajin bai ɗauki minti goma ba.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ya sani ba. Na'urar naɗa ba ta ajiye kowane hoto cikakke. Da za ta yi haka, faifanta zai cika cikin 'yan kwanaki. Tsarin matse bidiyo irin su H.264 yana ajiye cikakken hoto ne jefi-jefi, a tsakani kuma sai ya riƙa rubuta abin da ya canja kawai, yana zubar da ƙananan bayanan da yake ganin ido ba zai kula ba. Ƙananan bayanan nan su ne tabo, da layin leɓe, da siffar kunne. Idan kun tsayar da bidiyo a kan ɗaya daga hotunan tsakani, wani ɓangare na abin da kuke gani ciko ne da na'ura ta yi daga hoton da ya gabata. Ɗan baƙin tabon da wani ya rantse ya gani a kumatun ɓarawo, ku matsa gaba da hoto biyu, za ku iya tarar ya ɓace ko ya koma goshi.

Duk wannan kafin bidiyon ya bar na'urar ke nan. Abin da ya fi yawa shi ne ba a jira a kwafe shi yadda ya kamata. Wani ya ɗaga waya ya ɗauki allon, ya tura wa wani, manhajar aika saƙo ta sake matse shi, na uku ya yanko fuskar ya buɗa ta da yatsa biyu ya ɗauki hoton allonsa. Abin da ya iso teburinku jikan hoto ne, ko tattaɓa kunne.

Nan ne ake juyowa gare ni a ce, "To malam, ƙara masa haske mana, ka fito da fuskar." Ina iya ƙara haske, ina iya zaɓo hoton da ya fi kyau a cikin jerin. Abin da ba zan iya ba shi ne in dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba tun farko. Buɗa hoto yana ƙara girman ɗigo ne kawai, ko ya sa na'ura ta yi hasashen abin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo. Manhajojin zamani masu mayar da hoto dishi-dishi ya zama garau sun fi haɗari, domin ba tono fuskar suke yi ba, zana sabuwa suke yi wadda za ta dace da ɗigogin. A shekarar 2020 wani ya saka hoton Barack Obama da aka rage wa ɗigogi a cikin irin wannan manhaja mai suna PULSE, sai ta fito da fuskar wani Bature wanda babu shi a duniya. Obama ne fa, mutumin da duniya ta haddace fuskarsa. Da hoton wanda ba a sani ba ne, wa zai ce an yi kuskure? Fuskar za ta fito tsaf, har da gira da gashin baki, kuma dole a sami wani bawan Allah a gari da ta yi kama da shi.

Na san amsar da wasunku za su ba ni, domin an sha ba ni ita: ai mu idonmu ya saba, shekara goma sha muna wannan aiki. Ina girmama shekarun, amma an gwada wannan magana. A 1999 Mike Burton da Vicki Bruce da abokan aikinsu suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da bidiyon wata kyamarar tsaro maras kyau da ke ƙofar wani gini a Jami'ar Glasgow. Bidiyon na malaman jami'ar ne suna shiga. Aka nuna wa rukuni uku: ɗaliban da malaman suke koyarwa, ɗaliban da ba su san su ba, da ƙwararrun 'yan sanda waɗanda su ma ba su san su ba. Ɗaliban da suka san malaman sun gane su sosai, duk da munin bidiyon. Sauran rukuni biyun sun yi ta kuskure, kuma 'yan sandan ba su fi ɗaliban da ba su san kowa ba.

Wannan gwaji kaifi biyu gare shi, kuma ba zan ɓoye muku ɗayan ba. Ya nuna cewa wanda ya san mutum sani na haƙiƙa yana iya gane shi a bidiyo maras kyau. Don haka ba cewa nake yi ku watsar da duk wanda ya zo ya ce ya gane wani ba. Amma sani hawa-hawa ne. Matar mutum, ko wanda suka yi shekara biyar a ofis ɗaya, daban. Wanda yake ganinsa yana wucewa a layi sau biyu a wata, daban. Matsalar ita ce dukkanmu mun saba gane 'yan gidanmu daga nesa, ko a duhu, ko ta ƙeya, sai muka ɗauka haka idonmu yake da kowace fuska. Ba haka yake ba.

Wani gwaji na 2011 da Rob Jenkins ya jagoranta ya fito da wannan fili. An ba mutanen Birtaniya hotuna 40, aka ce su ware su, kowane mutum da tarin hotunansa. Ba a gaya musu cewa mutum biyu ne kacal a ciki ba, wasu sanannu ne a ƙasar Holan, kowanne da hoto 20. Yawanci sun raba hotunan gida bakwai ko takwas, kuma ba wanda ya ce biyu ne. Da aka ba 'yan Holan waɗanda suka san mutanen, kusan dukkansu suka raba gida biyu ba wahala. Hotuna ne masu kyau, ba na kyamarar tsaro ba. A 2014 kuma aka gwada ma'aikatan ofishin fasfo a Ostareliya, mutanen da aikinsu ke nan kullum, ana tsayar da mutum a gabansu su gwada shi da hoto. Sun karɓi kashi 14 cikin ɗari na hotunan da ba na mutumin ba ne. Idan wanda ke kallon mutum ido da ido, da hoto garau a hannu, yana kuskure sau ɗaya cikin bakwai, ina ga wanda yake kallon ɗigo 18 da aka shafe da tafiya?

Hausawa sun riga sun yanke wannan hukunci tuntuni: kama da wane ba ta wane. Hoto maras kyau ba mutum ɗaya yake nunawa ba, jinsi yake nunawa: namiji, siriri, matsakaicin tsayi, da hula. Mu ce, don misali kawai, mutum ɗaya cikin dubu ne zai dace da wannan siffa har a yi masa kallo na biyu. A birnin da ke da maza miliyan ɗaya, mutum dubu ke nan. Ɗaya ne ya yi laifin, in ma ɗan birnin ne. Idan kuka saki hoton ga jama'a, kowane ɗaya daga cikin sauran 999 yana da maƙwabci, yana da wanda suka yi faɗa, yana da wanda yake binsa bashi. Yawan masu kallo ba ya ƙara wa hoton ɗigo, yawan sunaye yake ƙarawa.

An ga haka a birnin Boston na Amurka a watan Afrilun 2013, bayan harin bam da aka kai wurin gasar gudun fanfalaki. Mutane dubbai suka duƙufa kan hotunan wurin suna zagaye fuskoki da jan layi. Jaridar New York Post ta buga hoton wasu samari biyu a shafinta na farko, alhali ba ruwansu, daga baya suka kai ta ƙara. Da hukumar FBI ta fitar da hotunan waɗanda take nema ranar 18 ga wata, sai wasu suka ce ɗayan ya yi kama da wani ɗalibin Jami'ar Brown da ya ɓace tun watan Maris. Cikin dare ɗaya sunansa ya zagaye duniya a matsayin ɗan ta'adda, aka dami iyalinsa da kira da zagi, su da suke cikin neman ɗansu. Ba shi ba ne. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a ruwa, ya rasu tun kafin harin.

Amma labarin da nake so ku tsaya a kansa shi ne na Robert Williams, domin shi ba 'yan gari ne suka yi kuskuren ba, masu bincike ne, kuma kowane mataki da suka taka ya yi kama da aiki bisa ƙa'ida.

A watan Oktoban 2018 wani mutum ya saci agoguna a wani kanti a birnin Detroit na Amurka. Kyamarar kantin ta ɗauke shi daga sama, sanye da hular hana sallah, fuskar ba ta fito sosai ba. Aka ciro hoto ɗaya daga bidiyon aka aika wa 'yan sandan jihar Michigan, suka saka shi a manhajar gane fuska wadda take laluben miliyoyin hotuna. Manhajar ta kawo hoton wani tsohon lasisin tuƙi na Williams. Takardar da ta zo da sakamakon ta faɗa a rubuce cewa wannan hanya ce ta fara bincike kawai, ba hujjar kama mutum ba ce. Mai binciken ya san yana buƙatar shaida, sai ya haɗa hotuna shida, har da na Williams, ya nuna wa wata ma'aikaciyar kamfanin da ke kula da tsaron kantin. Ta zaɓi Williams. Aka sami takardar kamu. A watan Janairun 2020 aka kama shi a ƙofar gidansa, a gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu ƙanana, aka tsare shi wajen awa 30.

A takarda shaida biyu ce: na'ura ta ce shi ne, mutum ma ya ce shi ne. Amma matar nan ba ta wurin lokacin da aka yi satar. Ba ta taɓa ganin ɓarawon da idonta ba, bidiyon nan dai ta kalla. Manhajar kuwa aikinta ke nan, ta zaƙulo wanda ya fi kowa kama da hoton a cikin miliyoyi. Idan ka ɗauki wanda aka zaɓo don kamarsa, ka sa shi cikin mutum biyar da ba a zaɓo su ta wannan hanya ba, ka tambayi wanda ya kalli bidiyo ɗaya wanne ne, me kake jira ya ce? Shaida ɗaya ce aka ƙirga sau biyu, kuma ita kanta ɗayar hoto ne dishi-dishi. Ba wanda ya tambayi Williams inda yake a ranar kafin a kama shi. A ɗakin tambayoyi da aka ajiye masa hoton, ɗauka ya yi ya kara da fuskarsa, jami'an suka duba suka ga ba shi ba ne. An janye tuhumar. A 2024 birnin ya sasanta da shi, 'yan sandan Detroit suka amince ba za su ƙara kama mutum da sakamakon manhajar kaɗai ba, ko da jerin hotunan da aka haɗa kai tsaye daga sakamakon ba tare da wata hujja ta daban ba.

Wannan ya shafe mu ta wata fuska kuma. A watan Disambar 2019 hukumar awo ta Amurka, NIST, ta fitar da gwajin manhajojin gane fuska 189. A da yawa daga cikinsu, kuskuren haɗa mutum biyu daban a ce ɗaya ne ya fi yawa a fuskokin baƙar fata da na 'yan Asiya, a wasu har ninki 10 zuwa 100. Manhajojin sun bambanta, waɗansu sun fi waɗansu nesa ba kusa ba. Amma ku lura, da hotuna irin na fasfo da na rajista aka yi gwajin, ba da abin da nake cirowa daga na'urar naɗa ba.

To me nake roƙo? Ba cewa nake yi ku daina amfani da bidiyo ba, ai da na kashe sana'ata. Bidiyo maras kyau yana da amfani mai yawa, sai dai ba wajen suna ba. Yana faɗin mutum nawa ne, ta ina suka shiga, me suka ɗauka, da wane hannu, minti nawa suka yi, ko sun san inda makulli yake. Yana kuma iya wanke mutum, wanda sau da yawa ya fi ɗora masa laifi sauƙi. Idan kuna da wanda ake zargi, a koma wurin, a bar kyamarar yadda take, a tsayar da sandar awo a daidai inda ɓarawon ya taka, a ɗora hoto kan hoto. Idan ɓarawon ya kai santimita 185, wanda kuka tsare kuma 168 ne, magana ta ƙare. Idan tsayinsu ya zo ɗaya, abin da kuka samu shi ne yana cikin dubban masu wannan tsayi, ba ƙari. Kada kuma a ƙiyasta tsayi da ido daga allo, domin kyamarar da ke sama tana gajarta mutum, gilashinta mai faɗin gani kuma yana lanƙwasa abin da ke gefe.

Ku nemi ainihin bidiyon daga na'urar, a kwafe shi a filash yadda yake, da wuri, domin yawancin na'urori suna goge tsohon naɗi su hau kansa bayan 'yan makonni, wasu ma 'yan kwanaki. Wanda ya je kwafewa ya gwada agogon na'urar da agogon da ke daidai, ya rubuta bambancin a take. Na sha tarar da na'ura tana gaba ko baya da minti arba'in, ko ta koma wata shekara can baya saboda batirin cikinta ya mutu. Mutum yana iya kawo shaida ta gaskiya cewa ƙarfe tara yana wani wuri, agogon ƙarya ya rushe masa ita.

Babban roƙona kuwa a kan ɗakin kallo ne. Kada a tara mutane su kalla tare. Kowa ya shiga shi kaɗai, kuma kada a ce masa "duba ko wane ne", a ce masa ya kalla kawai. Idan ya ambaci suna, a rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, har da "kamar" da "ina jin", domin waɗannan ƙananan kalmomi su ne suke ɓacewa tsakanin ranar farko da ranar kotu. A tambaye shi me ya gani: fuska ce, ko tafiya, ko riga? Sau nawa aka maimaita masa kafin ya faɗa? Yaya saninsa da mutumin, shekara nawa, yaushe rabonsa da shi, akwai wani abu tsakaninsu? Wani ya riga ya raɗa masa sunan a waje? A rubuta har da waɗanda suka kalla suka ce ba su gane kowa ba, domin idan mutum shida da suka san wane sun kalla, ɗaya ne kawai ya gan shi, shirun biyar ɗin ma shaida ne. A Ingila da Wales dokar aikin 'yan sanda ta tanadi a riƙa ajiye irin wannan bayani idan aka nuna wa wani bidiyo don a ga ko zai gane mutum, ko da ɗan sanda ne mai kallon. Ba ya buƙatar na'ura, biro da takarda ne.

Idan suna ya fito, ku riƙe shi a matsayin inda za a fara tono. Ina mutumin yake a wannan lokaci? An ga kayan a hannunsa? Akwai zanen yatsa, ko wata kyamarar a kan hanya da ta ɗauke shi kusa? Hujjar da za ta tallafi hoton dole ta fito daga wani wuri da ba hoton ba. Kafin a same ta, sunan ya tsaya a cikin fayil. Magana zarar bunu ce. Ranar da aka haɗa sunan mutum da hoton ɓarawo aka saki, mai gidan da yake wa aiki zai gani, surukansa za su gani, abokan 'ya'yansa a makaranta za su gani, kuma akwai wuraren da taron jama'a ba ya jiran kotu. Sanarwar da za ku fitar bayan wata guda cewa an yi kuskure ba za ta kai ko kusa da inda ta farko ta kai ba. Shi kuma mai laifin na ainihi ya sami wata guda yana tafiyarsa, na'urorin maƙwabta da wataƙila sun ɗauke shi da kyau sun riga sun goge.

Mu ma masu girkawa muna da namu laifin, ba zan kare mu ba. Mu ne muke kafa kyamara can ƙarƙashin rufi don kada a sace ta, sai ta riƙa ɗaukar tsakiyar kai da bakin hula. Mu ne muke rage ingancin naɗi don faifai ya daɗe bai cika ba. Kyamara ɗaya a bakin ƙofa, daidai tsayin fuska, mai kallon mita biyu ko uku kawai, da fitila a gabanta ba a bayan mai shigowa ba, ta fi huɗu a saman gini amfani wajen gane mutum. Ina faɗa wa masu gida haka, wasu su ji, wasu su ce tsada.

Idan kuka kira ni gobe, zan zo da filash da tef ɗin awo. Zan auna faɗin wurin, in gaya muku ɗigo nawa ne a kan fuskar, in rubuta in sa hannu. Idan 18 ne, zan ce 18 ne, kuma ina roƙon a saka takardar a cikin fayil kusa da sunan da aka ambata, yadda alƙali zai ga su tare.

Na gode da lokacinku. Allah ya taimake ku a kan aikinku.

Naku,
Wani mai girka kyamarorin tsaro